Taura Uku a Baki Ɗaya

Bahaushe ba ya cewa ya “ɗauki” shawara, cewa yake yi ya yanke ta. Faransanci ma haka yake, domin kalmar da suke amfani da ita ta fito daga wani aikatau na Latinanci mai ma'anar yankewa. Harsuna biyu da ba su haɗa dangi ba sun taru a kan wuƙa ɗaya. Kuma duk abin da aka yanke, wani ɓangare nasa faɗuwa yake yi ƙasa. Ni a ganina nan ne tsoron yake. Ɗalibin da ya kasa zaɓa tsakanin aure da karatu a waje da aikin da aka yi masa tayi, galibi ba zaɓen yake tsoro ba. Tsoron ganin guntun da zai faɗi yake yi.

Harshenmu yana da suna ga halin da mutum yake shiga a lokacin. Muna cewa saƙe-saƙe, tunane-tunane, kai-komo, tufka da warwara. Duk wanda ya zauna ajin ginin kalma ya san abin da ninki yake yi a Hausa: yana nuna aikin da aka yi ta maimaitawa, nan da can, ba tare da an tsaya wuri ɗaya ba. Mai tunani yana da inda ya dosa. Mai tunane-tunane kuwa jakin rijiya ne, ya yini yana tafiya amma a bakin rijiyar rana za ta faɗi masa. Tambayar da nake son mu duba ita ce: ta yaya mutum zai gane a cikin biyun wane yake yi, kuma shin zaman da yake yi bai yanke ba, zama ne marar laifi kamar yadda yake ji a ransa?

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. Ba wata takamaimiyar mutum nake nufi ba, amma ba na jin akwai fakulte a Yamai ko Damagaram ko Maraɗi ko Tawa da ba a san irinta ba. Ɗaliba ce, shekararta 23, ta gama lisans. A watan Janairu ta cika dosiye na burs ɗin gwamnatin Turkiyya, wanda ake nema ta shafin Türkiye Bursları tsakanin Janairu da Fabrairu. An kira ta hira, yanzu ga shi damina ta yi nisa an sanar da ita ta samu mastar. A cikin satin nan kuma wani furoje da ta taɓa yi wa aikin tambayoyi a ƙauyuka ya kira ta: kwantiragi na wata 12, mu ce albashi jika 150 a wata, ana son amsa cikin sati biyu. Sannan ga saurayin da suka shekara biyu tare, iyayensa sun kawo gaisuwa tun bara, yanzu suna son a sa rana. Kowa ya ji sai ya ce ta dace, arziki uku a lokaci ɗaya. Ita kuwa ba ta barci. Da safe ta tashi ƴar Turkiyya, da azahar ma'aikaciya, da dare amarya, gobe a sake daga farko.

Abu na farko da ya kamata a lura da shi, kuma shi ne wanda ruɗani yake ɓoyewa, shi ne abubuwan nan uku ba iri ɗaya ba ne. Ta jera su a kanta kamar kwano uku na tuwo da aka ce ta ɗauki ɗaya, alhali kowane da agogonsa da irin ƙofarsa. Aikin yana da rana a rubuce, sati biyu, kuma ƙofarsa mai buɗewa ta baya ce: in ta shiga ba ta ji daɗi ba, bayan wata 12 ya ƙare da kansa. Burs ɗin ma yana da rana, amma tsawonsa ba shekara biyu ba ne kamar yadda take lissafawa, domin ana fara yin shekara guda ta koyon Turkanci kafin shekara biyu na mastar, ke nan shekara uku. Ana biyan kuɗin makaranta da wurin kwana da inshorar lafiya da ɗan kuɗin wata, amma tikitin jirgi na zuwa ne da na komowa in an gama, saboda haka zuwa gida hutu daga aljihunta ne. Sharaɗin shekaru na mastar shi ne kada mutum ya kai 30, wato tana da sauran damar sake nema, sai dai ba wanda ya yi mata alkawarin za a sake ɗaukarta. Aure kuwa shi kaɗai ne ba shi da rana a kan takarda. Ranarsa a bakin mutane take, mutane kuma ana iya zama da su. Amma shi ne kuma wanda ba a fita daga cikinsa ba tare da tabo ba.

Da an shimfiɗa su haka, sai a ga ashe zaɓin ba uku ba ne. Aiki da aure ba su hana juna ba, in dai a gari ɗaya ne kuma mijin ya yarda. Burs da aure suna iya haɗuwa ta hanya biyu da al'adarmu ta sani: ko a tsaya a kan baiko a jira, ko a ɗaura aure a jinkirta tarewa. Kowace da nauyinta, kuma ba na cewa da sauƙi, shekara uku ba kwana uku ba ce. Abin da kawai ba ya haɗuwa ko ta yaya shi ne burs da aikin, domin ba a zama Ankara da Maraɗi a wata ɗaya. Taura biyu ce ba ta taunuwa. Ta ukun tana jiran magana ce kawai, maganar da har yanzu ba a yi ba.

Nan ne ma'aunin da nake ganin ya fi kowane amfani wajen raba tunani da tunane-tunane. Duk tambayar da take hana ka barci, ka tambayi kanka: amsarta a hannun wa take? Wasu tambayoyin amsarsu tana hannun wani mutum mai suna da lambar waya. Shin furojen nan zai sabunta kwantiragi bayan shekara, ko kuɗinsa ƙarewa suke yi? Wanda ya kira ta ya sani, ko aƙalla ya san har yaushe aka ba su kuɗi. Shin ana iya ɗaga burs ɗin zuwa baɗi? Yana cikin takardar da aka aiko mata, in babu kuma saƙo ɗaya ne. Yaya rayuwar ɗaliba ƴar Nijar take a garin da aka tura ta? Akwai waɗanda suka riga ta zuwa. Shin saurayin zai jira shekara uku? Shi ya sani, ko zai sani ranar da aka tambaye shi. Duk waɗannan, kwanciya a kan katifa ana juya su ba ya ƙara musu komi. Daren farko da ta yi tunaninsu ta gano tambayar, dare na ashirin ma tambayar ce dai, ba abin da ya ƙaru sai ciwon kai. Alamar tunane-tunane ke nan: mako ya wuce, ba wani sabon labari da ya shigo, amma ana ta sake lissafi da tsofaffin alƙaluma.

Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, tambayar da aka fi jinkirtawa ita ce wadda aka fi tsoron amsarta. Ɗalibar nan ta karanta shafi hamsin a kan Turkiyya, ta san kuɗin burodi a Konya, amma ba ta zauna da saurayinta ta ce masa “na samu, kuma raina yana so, mi ka gani?” ba. Don mi? Domin muddin ba ta tambaya ba, duka ukun nata ne. Ranar da ya ce “ba zan iya jira ba”, guntu ɗaya ya faɗi. Binciken da take ta yi a kan abin da ba ya ciwo wata hanya ce ta guje wa wanda yake ciwo, kuma a ido yana kama da himma.

Akwai wasu tambayoyin kuma da ba kowa ke riƙe da amsarsu ba. Shin in ta komo da mastar za ta samu aiki? Shin auren zai yi albarka? Shin tsohuwarta za ta kai shekara uku da lafiya? Waɗannan gaibu ne. Mai cewa sai ya tabbata da su kafin ya motsa, jiran tsammanin warabbuka yake yi. A nahawu muna bambanta “in” da “da”: “in na tafi” sharaɗi ne mai buɗe, yana kallon gaba, “da na tafi” kuwa na abin da ya riga ya wuce ne, wanda ba a yi ba. Abin mamaki ga mai saƙe-saƙe shi ne yana amfani da “da” a kan abin da bai faru ba tukuna. Yana zaune a 23 yana hango kansa a 35 yana cewa “da na sani”. An ce da na sani ƙeya ce, a baya take. Shi kuwa ya ɗauko ta ya manna a goshi, sai ta tare masa hanya.

To, mu ce ta yi duk abin da ya kamata. Ta kira, ta tambaya, ta zauna da saurayin ya ce zai jira in an ɗaura aure kafin ta tafi, furoje ya ce kuɗinsu na shekara biyu ne. Duk da haka ta kasa zaɓa tsakanin tafiya da zama. A nan ne maganar ta bar hannun masu ba da shawara ta shiga hannun masu falsafa, kuma a nan nake son in ɗan daɗe.

Tsohuwar matsala ce. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo ta a littafinsa Tahafutul Falasifa da misalin mutum mai jin yunwa da aka ajiye masa dabino biyu iri ɗaya sak, ba wanda ya fi wani girma ko kyau ko kusa da hannu, kuma ɗaya kawai zai iya ɗauka. Shin zai tsaya har abada don ba shi da dalilin fifita ɗaya? Gazali ya ce a'a, zai ɗauka, domin mutum yana da wata sifa, wato nufi, wadda aikinta ke nan ta ware abu daga irinsa. Turawa sun san labarin da sunan jakin Buridan, wani malamin Paris na ƙarni na 14: jaki tsakanin dami biyu na ciyawa, ya mutu da yunwa don ya rasa wanda zai fara. Sau da yawa in aka ga mai ruɗani sai a ba shi wannan labari a ce masa “ka ga, duk ɗaya ne, ɗauki kowane”. Ni ina ganin wannan shawara ba ta dace da ɗalibarmu ba, kuma akwai hanyar gwadawa.

Gwajin kuwa, wata malamar falsafa ta zamaninmu mai suna Ruth Chang ta yi amfani da shi sosai a rubuce-rubucenta a kan zaɓi mai wuya. Ga yadda yake. In abu biyu daidai suke da gaske, ƙara wa ɗaya ɗan abu kaɗan ya isa ya karya kunnen dokin. A ɗora rabin dabino a kan ɗaya daga cikin dabinon Gazali, magana ta ƙare. To mu gwada a kan ɗalibar. Furoje ya sake kira ya ce albashin ba jika 150 ba ne, 160 ne. Ba shakka aikin jika 160 ya fi na jika 150, ba wanda zai yi daren tunani a kan wannan. Da a ce aikin jika 150 daidai yake da burs ɗin a ma'auni, da na 160 ya rinjaye shi nan take. Amma ku tambaye ta: yanzu kin yanke? Za ta ce a'a, ina nan inda nake. Ke nan ba daidai suke ba. Kuma ba wanda ya fi wani, da ta gani. Abin da ya rage shi ne ba ma'auni ɗaya ake auna su da shi ba. Aikin yana nufin miliyan 1 da jika 800 a shekara, da buhun hatsi a gida, da kuɗin makarantar ƙannenta, da zama kusa da uwa. Burs ɗin yana nufin wani harshe, wani ilimi, wata mace da za ta zama wadda ba ta san ta ba tukuna. Jika nawa ne kuɗin zama kusa da uwa? Ba a tiya ake auna shi ba.

Wannan yana da muhimmanci domin yana bayyana abin da ya sa tunanin ba ya ƙarewa. Mai saƙe-saƙe ya ɗauka akwai amsa ɗaya ta gaskiya a ɓoye, kamar ta jarrabawa, kuma in ya ƙara dare ɗaya zai gano ta. Mun shekara goma sha biyar ko fiye a makaranta ana koya mana cewa kowace tambaya da amsarta a takardar mushe, in ka rasa ta laifinka ne. Shi ya sa, a lura, ɗalibai masu ƙoƙari su ne suka fi faɗawa wannan rami. Amma in hanyoyi biyu duka masu kyau ne, kuma kyansu ba iri ɗaya ba ne, babu takardar gyara a ko'ina. Lissafi ya kai ka inda zai iya kai ka. Daga nan tambayar ta sauya daga “wanne ya fi” zuwa “wanne zan tsaya a kansa in ce nawa ne”. Jefa ƙuri'a ya dace da dabino biyu, domin ba abin da za a rasa. Bai dace da wannan ba, domin wadda ta tafi Turkiyya don kwabo ya faɗi ta wani gefe, ranar da sanyi ya kama ta kuma ta ji tsohuwa ba lafiya, ba ta da abin da za ta riƙe. Wadda ta tafi don ta ce “ni na zaɓi in zama mai wannan ilimi” tana da shi.

Yanzu ga ɓangaren da ya shafi ɗabi'a, wanda ba mu cika son ji ba. Mai jinkiri yana ganin kansa kamar wanda bai yi komi ba tukuna, saboda haka ba shi da laifi. Amma agogon nan uku ba su tsaya don ya tsaya ba, kuma akwai masu biyan kuɗin zamansa. Saurayin nan yana shan tambaya a gidansu kullum, bai san abin da zai ce ba, kuma shekarunsa ma tafiya suke yi. In namiji ne mai ruɗanin, abin ya fi muni, domin yarinyar da ya ajiye da “bari mu gani” tana korar masu zuwa saboda shi, kuma mun san yadda unguwa take ƙirga wa mace shekaru ba kamar yadda take ƙirga wa namiji ba. A furojen akwai na biyu a jerin sunaye, wataƙila ɗan ajinsu ne da ya shekara biyu yana zaman fada yana dafa shayi. Kowace rana da ta riƙe ƙofofi uku a buɗe, wasu ne suke tsaye a rana a bakinsu.

Abin da ya fi wannan zurfi shi ne niyyar da take ɓoye a cikin jinkirin. Ku saurari yadda muke ba da labari bayan abu ya wuce. Ba mu cewa “na bar burs ɗin”. Cewa muke yi “ya kuɓuce mini”, “lokaci ya ƙure”, “abin bai yiwu ba”. A duk jimlolin nan mai magana ba shi ne mai aikatawa ba. Burs ne ya kuɓuce, lokaci ne ya ƙure, shi kuwa ga shi can a gefe, abin ya faɗa masa ne kawai. Hausa tana da siffar aikatau guda, irin su yiwu, taunu, gyaru, ɗauru, da take ba mu damar faɗin abin da ya auku ba tare da ambaton wanda ya yi ba. Ba laifin harshe ba ne, kayan aiki ne mai kyau. Amma mutum yana iya tsara rayuwarsa don ya samu damar yin magana da wannan siffa. Ya bari sati biyun su cika, ya bari iyayen saurayi su gaji su janye, sannan ya ce Allah bai yi ba. Wannan zaɓi ne, an yi shi ne dai da hannun riga. Kuma jingina shi ga ƙaddara, bayan mutum ya ga ranar tana zuwa ya naɗe hannu, ni ban ga ladabi a cikinsa ba.

Istihara ma an mayar da ita wurin ɓuya. Yadda malamai suke koyar da ita, raka'a biyu ce ta nafila da addu'a, kuma a cikin addu'ar mutum yana ambaton al'amarin da ya nufa, ya roƙi a sauƙaƙe masa in alheri ne, a kawar masa in sharri ne. Wato ana zuwa da abu a hannu, bayan an yi tambaya an yi shawara, sannan a ci gaba. Malamai da yawa suna nanata cewa mafarki ba sharaɗi ba ne. Amma sai ka ga mutum ya yi wata biyu yana jiran mafarki, ko yana yawo daga wannan malami zuwa wancan har ya samu wanda zai faɗa masa abin da yake son ji. Haka shawara. Kalmar nan ɗaya ce a bakinmu ga neman ra'ayi da kuma hukuncin da aka yanke, kamar harshen yana tuna mana cewa ta farkon don ta biyun ake yin ta. An ce shawara ɗaukar ɗaki, amma ɗaukar ɗaki ana yin ta ne a aza shi a kan gini. Wanda ya tambayi mutum ashirin ba ƙarin haske yake nema ba, yana tara waɗanda zai raba wa laifi ne in abin ya ɓaci.

Akwai ƙorafi mai ƙarfi a kan duk abin da na faɗa, kuma ba zan tsallake shi ba. Wani zai ce: kana magana kamar yarinyar nan ita kaɗai take da wuƙar. A gidajenmu ba haka ba ne. Akwai uba, akwai baffa, akwai gwaggo da ta riga ta fara tara kayan ɗaki. Sau da yawa shirun mace ba ruɗani ba ne, ita ta san sarai abin da take so, amma “a'a” ba ta faɗuwa a gaban manya, sai ta ja lokaci ko abin ya mutu da kansa. Wannan gaskiya ne, kuma ba zan kira irin wannan jinkiri tsoro ba, dabara ce ta wanda aka ƙwace wa baki. Sai dai abu biyu. Na farko, wannan ba shi ne ciwon da muke magana a kansa ba, kuma yana da kyau mutum ya san wanne yake damunsa: “ban san abin da nake so ba” daban, “na sani amma ba zan iya faɗa ba” daban. Na farkon maganinsa a cikin kai yake, na biyun maganinsa ɗan aike ne, wata inna ko yaya ko malami da baba yake jin nauyinsa, wanda zai kai maganar ta ƙofar da aka saba. Na biyu, jan lokaci makami ne da ba ya zaɓen wanda zai sara. Tana jan lokaci don auren ya lafa, amma ranar da take a rubuce ta burs ce, ita za ta fara cika. Wanda ba shi da rana a takarda shi yake cin ribar jinkiri kullum. In ta yi shiru har damina ta wuce, ba uku za su rage mata ba, ɗaya ne, kuma shi ne wanda wasu suka zaɓa.

Wani kuma zai ce gaggawa aikin shaiɗan ce, kuma aure ba abin da za a yanke cikin sati biyu ba ne don wani furoje yana sauri. Na yarda ɗari bisa ɗari, kuma shi ya sa na ce a raba agogon. Kuskuren da ruɗani yake jawowa shi ne ya ɗaure ukun a dami ɗaya, sai ranar mafi kusa ta zama ranar duka. Abin da sati biyun nan suke bukata daga gare ta ɗaya ne tak: tafiya ko zama. Wa za ta aura, da yaushe, wannan yana iya ɗaukar lokacinsa, da sharaɗin a gaya wa mai jira gaskiyar inda aka tsaya da kuma ranar da zai ji amsa. “Ka ba ni zuwa ƙarshen wata” magana ce ta mutunci. “Bari mu gani” marar iyaka ba ita ba ce. Kuma in an yarda za ta yi karatu ko aiki bayan aure, kada a bar wannan a hirar zaure tsakanin su biyu, a faɗe shi a gaban waliyyai, domin alkawarin da manya ba su ji ba shi ne yake fara mantuwa.

Mu ce ta yanke za ta tafi. Kada ta yi tsammanin ranta zai yi fari fes. Za ta ji zafin guntun da ya faɗi, za ta ga hoton ƙawarta da ta karɓi albashin farko ta ji wani abu, wataƙila a watan Disamba ta yi kuka. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan zafi a matsayin shaidar sun yi kuskure, sai su sake buɗe shari'ar daga farko. Amma da ta zauna ma da ta ji irinsa, duk ranar da jirgi ya wuce ta saman gidansu. In abin da aka bari mai kyau ne, dole a yi kewarsa, kuma mun riga mun ga duka biyun masu kyau ne. Abin da zai sa a sake duba hukunci shi ne sabon labari, misali a ce jami'ar ba ta da fannin da aka yi mata alkawari, ko rashin lafiya ya sauka a gida. Tsohon tunani da ya komo da dare ba sabon labari ba ne.

Saura aiki ɗaya da aka fi mantawa da shi. Tun kafin sati biyun su cika, ta kira mutumin furoje da bakinta, kada ta bari wayarsa ta yi ta ƙara ba a ɗauka har ya gane da kansa. Ta gode masa, ta ce ta samu karatu kuma ta zaɓi ta tafi, ta ce in Allah ya komo da ita tana son ƙofar ta zama a buɗe. In ta san wani a ajinsu da ya iya aikin, ta ba da sunansa. Daga nan ta wuce ofishin fasfo, domin shi ma yana da layinsa.